Idan Littattafan Bashi Biyu Suka Ƙi Haɗuwa

Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa, kuma a kasuwar sari ya fi ko'ina yawa. Dilan da ke sayar da sukari da shinkafa da taliya a Kasuwar Singa ta Kano ba zai daɗe a kasuwa ba in ya ce sai kuɗi hannu. Masu shaguna daga garuruwa suna ɗaukar kaya, su sayar, su kawo kuɗi, su sake ɗauka. Saboda haka wani babban kaso na jarin dila ba a shagonsa yake ba, yana hannun mutane. Tambayar da ya kamata ya iya amsawa a ƙarshen kowane wata ita ce: nawa nake bi a waje? Masu ilimin akanta sun ga cewa amsa ɗaya ba ta isa a yarda da ita ba, sai suka tsara a samo ta ta hanyoyi biyu daban, sannan a gwada su.

Hanya ta farko ita ce littafin kwastomomi. Kowane mai ɗaukar kaya bashi yana da shafinsa. In ya ɗauki kaya a rubuta a hagu, in ya biya ko ya dawo da kaya ko aka yi masa ragi a rubuta a dama. Abin da ya rage shi ne bashin da ke kansa. A ƙarshen wata sai a bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, a jera ragowar kowa a takarda, a tara.

Hanya ta biyu ita ce asusun jimla, wanda ke cikin babban littafin kamfani. Wannan asusu bai san sunan kowa ba. Ba ya ɗaukar ciniki ɗaɗɗaya, jimla kawai yake karɓa: jimlar kayan da aka bayar bashi a watan daga littafin ciniki, jimlar kuɗin da aka karɓa daga littafin kuɗi, jimlar kayan da aka dawo da su, jimlar ragin da aka yi. Shi ma hagu ne abin da ke ƙara bashi, dama abin da ke rage shi. Tun da takardun asali ɗaya ne, ya kamata ragowar asusun jimla ta yi daidai da jimlar shafukan kwastomomi, kobo da kobo. In ba su yi daidai ba, to akwai kuskure a wani wuri, kuma aikin nemo shi a gyara shi ne ake kira daidaita asusu. Ɗaliban da ke rubuta darasin akanta a jarrabawar kammala sakandare sun san shi sarai, don tambaya ce da ke yawan fitowa, amma mai shago ya fi su bukatarsa.

Bari mu ɗauki misali. Lissafin ƙirƙirarre ne, amma irin kurakuran da ke ciki su ne ake cin karo da su kullum.

Wani dila ya shiga watan Maris yana bin mutane naira 4,200,000. A cikin watan littafin ciniki ya nuna an bayar da kayan naira 9,650,000 bashi. Haɗa biyun, hagun asusun jimla ya tashi naira 13,850,000. A dama kuma akwai kuɗin da kwastomomi suka biya, naira 8,100,000, da kayan da aka dawo da su na naira 250,000, da ragin naira 120,000 da aka yi wa masu saurin biya, da wani bashi na naira 180,000 da aka fid da rai da shi aka share. Dama ta tashi naira 8,650,000. In ka cire wannan daga wancan, asusun jimla yana cewa ana bin mutane naira 5,200,000.

Yaron da ke riƙe littafin kwastomomi kuma ya jera shafukansa ya tara, ya sami naira 4,645,000. Tsakanin lissafin biyu akwai giɓin naira 555,000.

A nan ne mafi yawan mutane ke fara ɓata. Sai ka ji maigida ya ce a duba wanda ya ci naira 555,000, ko kuma a shiga neman wannan adadi a cikin rasit. Da wuya a same shi, domin giɓi yawanci ba kuskure ɗaya ba ne, ragowar kurakurai da dama ce, wasu suna ƙarawa wasu suna ragewa. Abin da gogaggen akanta yake yi shi ne ya bi takardu, kuma duk kuskuren da ya gano ya yi masa tambaya guda: a ina aka yi shi? In a wajen tara jimla ne, asusun jimla za a gyara. In a wajen kwafewa zuwa shafin mutum ne, ko wajen jera shafukan, jerin kwastomomi za a gyara. Wanda ya riƙe wannan tambaya ya riƙe rabin aikin.

Bashin da aka kashe da bashi

Akwai wani kwastoma daga Gaya da ke sarin sukari a wajen dilanmu, kuma shi ɗin ne yake kawo masa man gyaɗa a jarka. Ke nan yana da shafi biyu: ɗaya a littafin waɗanda ake bi, ɗaya a littafin waɗanda ke bin kamfani. A tsakiyar Maris dila yana bin sa naira 700,000 na sukari, shi kuma yana bin dila naira 400,000 na mai. Maimakon wannan ya tura wa wancan kuɗi wancan ya dawo masa da su, sai suka amince a kashe naira 400,000 daga kowane ɓangare, ya rage mutumin Gaya zai kawo naira 300,000. Akantoci suna ce wa wannan kontira. Ba baƙon abu ba ne a wajen 'yan kasuwarmu, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da yi masa babi da sunan muƙassa.

Matsalar kontira ita ce ba ta bi ta banki, ba ta bi ta aljihun kashiya. Babu alat, babu cak, babu rasit ɗin karɓar kuɗi. Magana ce aka yi a bakin shago aka tafa. Saboda haka ba ta shiga littafin kuɗi, kuma duk abin da bai shiga ɗaya daga littattafan da ake tarawa ba, ba zai kai kansa asusun jimla ba sai an ɗauke shi da hannu. A misalinmu haka aka yi. Yaron littafi ya ji maganar, ya rage naira 400,000 a shafin mutumin Gaya na sukari, ya rage a shafinsa na mai, amma babu wanda ya gaya wa akanta. Shafukan sun yi daidai, asusun jimla ne ke ɗauke da bashin da ya riga ya tafi.

Gyaran shi ne a rubuta naira 400,000 a daman asusun jimlar waɗanda ake bi, a kuma rubuta irinta a hagun asusun jimlar waɗanda ke bin kamfani. Kada a manta da wannan rabi na biyu, don in an manta, an rufe rami a nan an buɗe wani a can. Asusun jimlarmu ya sauko daga naira 5,200,000 zuwa naira 4,800,000.

Kontira tana da iyaka. Ba a kashe fiye da ƙaramin bashin cikin biyun. A nan naira 400,000 ce iyaka, ba 700,000 ba. Dole kuma ya zama mutum ɗaya ne ko kamfani ɗaya a ɓangarorin biyu. Ba a kashe bashin wa da na ƙane don kawai gidansu ɗaya, sai fa in dukansu sun yarda a rubuce. Ni a ganina ko da mutum ɗaya ne, kontirar da ba ta da 'yar takarda mai kwanan wata da sa hannun ɓangarorin biyu rigima ce aka ajiye wa gaba, musamman ranar da ɗayansu ya kwanta dama magada suka zo da littafi.

Bayan kontira sai akanta ya sake tara littafin ciniki da kansa, layi bayan layi. Ya tarar jimlar gaskiya naira 9,550,000 ce, ba 9,650,000 ba. An yi kuskuren naira 100,000 wajen ɗauko jimlar wani shafi zuwa na gaba. Wannan bai taɓa shafin kowane kwastoma ba, tun da kowanne daga takardar kayansa aka rubuta masa, ba daga jimla ba. Asusun jimla kaɗai ya kumbura, tare da asusun ciniki, wanda ke nufin ribar watan ma ta kumbura da wannan adadi. Aka rage, asusun jimla ya tsaya a naira 4,700,000.

Yanzu giɓin ya dawo naira 55,000 kacal. A kasuwancin da ke juya miliyoyi a wata, wannan ba kuɗi ba ne, kuma daidai wannan gaɓa ce gajiya ke sa a ce a bar shi haka, ko a jefa shi cikin wani asusu na "sauran abubuwa" a tashi. Dakata ka ga abin da ke ƙarƙashinsa.

Bashin da aka fid da rai

Naira 180,000 ɗin nan da aka share na wani mai shago ne da gobara ta cinye wa kaya, ya bar garin, aka fi shekara ana nema babu labari. Maigida ya ce a share. Akanta ya yi nasa: ya rubuta adadin a daman asusun jimla, ya kai shi hagun asusun asarar bashi, inda zai rage ribar shekara. Amma wannan karon yaron littafi ne ba a gaya wa ba. Shafin mutumin yana nan a buɗe da naira 180,000, kuma ya shiga cikin jerin. Kishiyar abin da ya faru da kontira ke nan, kuma dalilin ɗaya ne: share bashi ma ba ya bi ta littafin kuɗi ko na ciniki, umarni ne na baki da ke bukatar a kai shi wurare biyu. Sai a rufe shafin, a cire naira 180,000 daga jerin. Jerin ya sauko daga naira 4,645,000 zuwa 4,465,000, giɓin kuma ya buɗe zuwa naira 235,000. Kada wannan ya tayar wa kowa hankali. Gyara na gaskiya yakan faɗaɗa giɓi kafin ya rufe shi.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan ruɗewa a kansu a nan. Na farko, share bashi a littafi ba yafe shi ba ne. Sharewa tana nufin kamfani ya daina ƙirga wannan kuɗi a cikin dukiyarsa don ba ya tsammanin samunsa. Haƙƙin nema yana nan. In Allah ya buɗa wa mutumin ya dawo da kuɗin bayan shekara biyu, ana karɓa a rubuta shi a matsayin bashin da aka share ya dawo. Hanya mai tsabta ita ce a fara mayar da bashin a shafinsa da asusun jimla, sannan a rubuta biyan, don tarihin mutumin ya nuna ya cika alkawari. In aka rubuta biyan kawai a dama ba tare da mayar da bashin ba, shafinsa zai nuna kamar kamfani ne yake riƙe da kuɗinsa.

Na biyu shi ne tanadin da ake yi saboda basussukan da ake shakka. Akanta kan duba ya ce, cikin kuɗin nan da ke waje akwai yiwuwar wani kaso ba zai dawo ba, sai ya ware tanadi. Wannan tanadi ba ya shiga asusun jimla ko kaɗan, domin babu shafin kwastoman da aka rage wa komai. Har yanzu ana bin kowa cikakken kuɗinsa. Asusunsa daban ne. Haka ma cinikin kuɗi hannu ba shi da gurbi a nan. Masu shirya jarrabawa suna son cusa waɗannan biyun cikin tambaya don su ga wa zai faɗa.

Kuma tun da share bashi ba ya bukatar komai sai alƙalami, ƙofa ce da ɓarawon cikin gida ke so. Ya karɓi kuɗin kwastoma ya sa aljihu, ya rubuta cewa bashin ya mutu. Shi ya sa ba a yarda mai karɓar kuɗi ya zama shi ne mai ikon sharewa, kuma kowace sharewa sai da sa hannun maigida.

Abin da aka tarar a shafuka

Sauran aikin na haƙuri ne: a ɗauki littafin ciniki da na kuɗi, a bi kowane layi zuwa shafin mai shi. A shafin wani kwastoma daga Bichi aka tarar an rubuta naira 450,000, alhali takardar kayan da littafin ciniki duk 540,000 suka ce. Lambobi biyu ne suka yi musayar wuri a hannun mai kwafe. Bambancin naira 90,000 ne, kuma irin wannan kuskure yana da alama: duk lokacin da lambobi biyu suka sauya wuri, bambancin yana rabuwa da 9 ba saura. Gwada 72 da 27, ko 81 da 18. Don haka in giɓin da ya rage maka yana rabuwa da 9, fara duba nan, ko da yake alama ce kawai, ba hujja ba. Asusun jimla bai shafu ba, don littafin ciniki daidai yake. Aka ƙara naira 90,000 a shafin Bichi, jerin ya koma naira 4,555,000. Da ba a gano ba, da mutumin ya biya 450,000 an ce masa ya gama.

Sai wani shafi na wata mai gidan abinci. Ta biya kuɗinta cif, daga baya ta dawo da buhunan da suka jiƙe na naira 60,000, ba ta ɗauki wasu ba tukuna. Shafinta ya nuna ragowa a dama, wato kamfani ne ke riƙe da kuɗinta. Mai jerawa bai lura da ɓangaren ba, ya ga naira 60,000 ya tara ta tare da basussuka. Abin da ya kamata a cire aka ƙara, saboda haka gyaran ninki biyu ne: naira 60,000 don soke ƙarin da aka yi, wata 60,000 don yin cirewar da ba a yi ba. Naira 120,000 ke nan za a rage. Wannan ma yana da alamarsa: raba giɓi biyu ka nemi wannan rabin a cikin shafuka. Jerin ya sauko zuwa naira 4,435,000.

Giɓi ya zama naira 265,000. Da aka ƙirga sunayen da ke jerin aka gwada da yawan shafukan da ke da ragowa, sai aka ga saura ɗaya. Wani sabon kwastoma ne daga Rano da aka buɗe wa shafi a can ƙarshen littafi, bayan wasu shafuka da ba a rubuta komai ba, mai jerawa ya ɗauka ya kai ƙarshe. Ragowarsa naira 265,000 daidai. Aka ƙara, jerin ya tashi naira 4,700,000, ya haɗu da asusun jimla.

Yanzu waiwaya kan naira 55,000 ɗin da aka so a yi watsi da ita. Kurakurai huɗu ne a ƙarƙashinta, na 180,000 da 90,000 da 120,000 da 265,000, jimlarsu naira 655,000, sun kusa cinye juna. Lura kuma cewa adadin gaskiya ba 5,200,000 ba ne, ba kuma 4,645,000 ba. Duka littattafan biyu sun yi kuskure. Naira 4,700,000 ce za ta shiga rahoton dukiyar kamfani, kafin a cire tanadin basussukan shakka in akwai.

Abin da daidaitawa ba ta gani

Haɗuwar lissafin biyu tana nuna abu ɗaya ne kawai, cewa jimla ta yi daidai da jimla. Akwai kurakuran da za su wuce ta gabanta ba ta motsa ba. In mutumin Bichi ya biya naira 75,000 aka rubuta a shafin mutumin Rano, wannan shafi ya ragu fiye da kima, wancan bai ragu ba, jimla kuwa tana nan yadda take. In takardar kaya ta ɓace tun kafin a shigar da ita littafin ciniki, babu ita a asusun jimla, babu ita a shafi, littattafan biyu za su haɗu a kan ƙarya ɗaya. Haka in an rubuta adadi ba daidai ba tun a littafin ciniki aka kwafe shi haka zuwa shafi.

Akwai ma wata tsohuwar dabarar zamba da ke rayuwa a wannan makanta. Mai karɓar kuɗi ya cinye biyan kwastoma na farko, in na biyu ya biya sai ya rubuta a shafin na farko, in na uku ya biya ya toshe na biyu. Lissafi yana haɗuwa kowane wata, kuɗi kuwa babu. Abin da ke tona ta shi ne a aika wa kowane kwastoma takardar bayanin asusunsa a ƙarshen wata, kuma wani daban ya aika, ba mai riƙe littafin ba. Kwastoman da ya biya aka ce bai biya ba, ba ya kwana bai kira ba. Wanda aka rage wa bashi bisa kuskure dai ba lalle ya yi magana ba, shi ya sa ake kuma bin tsufan kowane bashi, a ga wanda ya wuce wata ɗaya, wanda ya wuce uku, a tambayi dalili.

Masu amfani da manhajar lissafi a kwamfuta sukan ce wannan duk tsohon yayi ne, tun da shigarwa ɗaya ke zuwa shafin kwastoma da asusun jimla a lokaci guda. Gaskiya ne kuskuren tarawa da na tsallake shafi sun kau. Amma inda manhajar ta bari a rubuta gyara kai tsaye cikin asusun jimla ba tare da ambaton kwastoma ba, giɓi yana dawowa, kuma kontira da share bashi su ne aka fi shigarwa ta wannan ƙofa. Kuɗin da aka tura ta banki da sunan ɗan aike ko na mai na'urar cire kuɗi kuwa, kwamfuta ba ta san na wane ne ba; duk shafin da aka nuna mata nan za ta kai.

Ga mai shagon da ba shi da akanta, abin da ake bukata bai wuce littafi biyu da mutum biyu ba. Wanda ke rubuta shafukan kwastomomi kada ya zama shi ke tara jimla, don in hannu ɗaya ya yi duka biyun, kansa zai gwada da kansa. A ware ɗan littafi na uku don duk abin da ya rage bashi ba tare da kuɗi sun shigo ba, kontira ce ko sharewa, a rubuta kwanan wata da dalili, maigida ya sa hannu, mutanen biyu su duba shi kafin su rufe wata. A kuma yi gwajin kowane ƙarshen wata, lokacin da takardu ba su yi yawa ba kuma mutane ba su manta abin da aka faɗa a bakin shago ba. Kada a bari sai ƙarshen shekara.